Tambayoyi da Amsoshi: Dalilin da Ya Sa Gwajin Karɓa-karɓa Ya Fi Rabo Ɗaya Aminci

Waɗannan tambayoyi sun taru ne daga ɗalibai da matasan manazarta a nan Jos, waɗanda ke kawo mini ayyukansu na koya wa kwamfuta hasashe daga bayanai. Kusan kowannensu yakan zo da lamba guda, ya ce modal ɗinsa ya ci kashi kaza cikin 100, kuma idan na tambayi yadda aka sami lambar, amsar takan zama cewa an raba bayanan gida biyu sau ɗaya, an horar da modal a kan babban rabo, an jarraba shi a kan ƙaramin. Hanyar da ake kira `k-fold cross-validation` a shafukan manhajoji, ni ina kiranta gwajin karɓa-karɓa, domin kowane ɓangare na bayanan yana karɓar zama jarrabawa idan layi ya zo kansa. Misali ɗaya zan riƙe daga farko har ƙarshe, kuma lambobinsa na ƙaddarawa ne domin lissafi ya fito fili.

Wane misali ne za a yi aiki da shi?

A ƙaddara cewa wata ɗaliba ta tattara bayanan gonakin dankalin turawa 300 daga Bokkos da Mangu da Barkin Ladi, tana son ta hango wace gona ce cutar ƙonewar ganye za ta kama a tsakiyar damina, lokacin da sanyi da laima suka haɗu a kan tsaunukan Filato. A kowace gona ta rubuta ranar shuka, da irin da aka shuka, da yawan ruwan sama, da sau nawa aka yi feshi. Gonaki 90 sun kamu, 210 sun tsira. Modal, wato tsarin lissafin da kwamfuta ke ginawa daga waɗannan bayanai, aikinsa shi ne ya ce wannan gona za ta kamu ko ba za ta kamu ba. A ƙaddara kuma cewa ainihin ƙarfin modal ɗin, da za a jarraba shi a kan dubban sababbin gonaki, shi ne dacewa a kashi 80 cikin 100. Ɗalibar ba ta san wannan lamba ba, ita take nema, kuma duk maganar da ke gaba a kan wace hanya ce ta fi kusantar da ita gare ta.

Mene ne aibin raba bayanai sau ɗaya, tunda modal bai ga rabon jarrabawar ba?

Rabo ɗaya ba ha'inci ba ne, kuma matuƙar an ware rabon jarrabawar da gaskiya, lambar da ya bayar ba ta zo da son kai ba. Aibinsa shi ne lambar tana rawa sosai, ta yadda sa'a ke da babban hannu a cikinta. Idan ɗalibar ta ware kashi 20 cikin 100 domin jarrabawa, gonaki 60 ke nan, kuma kowace gona ɗaya tana ɗauke da kusan maki 1.7 na sakamakon. Dacewa a gonaki 48 ita ce kashi 80, dacewa a 54 ita ce kashi 90, a 42 kuwa kashi 70. Tazarar gonaki shida kacal ta kowane gefe ce ke raba modal da za a yaba a gaban kwamitin kare aiki da wanda za a ce a koma a sake.

Akwai lissafin da ke auna girman wannan rawa, inda `p` yake nufin ainihin dacewa, `n` kuma yawan gonakin jarrabawa:

```
SE = sqrt(p * (1 - p) / n)
SE = sqrt(0.8 * 0.2 / 60) = 0.052
```

Ma'anarsa ita ce sakamako yakan kauce wa gaskiya da misalin maki 5, kuma idan ana son faɗin da zai ƙunshi kusan 95 cikin 100 na abin da ka iya fitowa, sai a ninka wannan sau biyu, a sami daga kashi 70 zuwa 90. Abin da ya kamata ya tayar wa ɗalibar hankali shi ne ƙasan wannan faɗi. Mutumin da bai san komai game da dankali ba, ya zauna yana cewa kowace gona za ta tsira, zai dace a gonaki 210 cikin 300, wato kashi 70 daidai. Ke nan rabo ɗaya zai iya nuna modal mai amfani kamar bai fi wannan mutum ba, kamar yadda zai iya nuna shi kamar gwanin da ba shi ba ne.

Duk wanda ke shakka yana iya gani da idonsa cikin minti biyu. Ya canza lambar gauraya, wato `random_state`, a cikin `train_test_split`, umarnin raba bayanai na manhajar `scikit-learn`, daga 0 zuwa 1 zuwa 2 har sau goma, ya rubuta abin da ya fito kowane karo. Na taɓa zama da wani ɗalibi da ya shigo da takardarsa a bugge, da lambar da ya ja wa layi biyu da biro, muka yi wannan a kan kwamfutarsa. A karo na huɗu ya daina magana, ya matso da kujerarsa kusa da allon, domin lambar da ya kwana yana murna da ita ce mafi girma a cikin duk waɗanda suka fito, kuma bai taɓa komai a modal ɗin ba.

Yaya ake yin gwajin karɓa-karɓa, mataki bayan mataki?

Ana gauraya gonakin 300, a raba su rukuni biyar masu gonaki 60 kowanne, idan an zaɓi `k`, wato yawan rukunai, ya zama 5. A zagaye na farko a ajiye rukuni na ɗaya, a horar da sabon modal a kan sauran gonaki 240, a jarraba shi a kan waɗanda aka ajiye. A zagaye na biyu a watsar da wancan modal gaba ɗaya, a ajiye rukuni na biyu, a horar da wani sabo daga tushe. Haka har zagaye biyar, sannan a ɗauki matsakaicin sakamakon. A manhajar `scikit-learn`, idan `X` ne bayanan gonakin da aka mayar lambobi, `y` kuma amsar ko gona ta kamu ko ba ta kamu ba, aikin bai wuce wannan ba:

```python
from sklearn.linear_model import LogisticRegression
from sklearn.model_selection import StratifiedKFold, cross_val_score
from sklearn.pipeline import make_pipeline
from sklearn.preprocessing import StandardScaler

m = make_pipeline(StandardScaler(), LogisticRegression())
cv = StratifiedKFold(n_splits=5, shuffle=True, random_state=0)
s = cross_val_score(m, X, y, cv=cv)
print(s, s.mean(), s.std())
```

A ƙaddara modal ɗin ya dace a gonaki 51, da 46, da 49, da 44, da 50 a zagayen biyar. A lissafin kashi cikin 100, wannan shi ne 85, da 76.7, da 81.7, da 73.3, da 83.3. Jimillar dacewa 240 ce cikin 300, matsakaici kashi 80, kuma `s.std()` zai nuna warwatsuwar kusan maki 4.3. Kowace lamba a cikin biyar ɗin nan ita ce abin da rabo ɗaya zai bayar da sa'a ta faɗa a kan wannan rukuni. Wanda ya sami rukuni na farko zai rubuta 85 da zuciya ɗaya, wanda ya sami na huɗu zai rubuta 73, kuma babu ɗayansu da ke da hanyar sanin cewa ɗan'uwansa na nan.

To, a ina amincin yake fitowa?

Yana fitowa da farko daga cewa kowace gona an jarraba ta, sau ɗaya tak, ta hannun modal da bai gan ta ba a lokacin horo. A rabo ɗaya gonaki 60 ne suka ba da shaida, sauran 240 ba a taɓa tambayar su ba. A karɓa-karɓa duk 300 sun ba da shaida, har da gonakin nan masu wuyar sha'ani, irin wadda aka yi wa feshi sau biyar kuma ta kamu, ko wadda ke cikin kwari mai laima amma ta tsira. Irin waɗannan gonaki su ne ke juya sakamakon rabo ɗaya, domin idan sun taru a rabon jarrabawa lamba ta faɗi, idan sun ɓuya a rabon horo lamba ta tashi. A karɓa-karɓa ba su da wurin ɓuya, kuma ba a ƙirga su fiye da sau ɗaya. Idan aka sa 300 a madadin 60 a lissafin da ya gabata, rawar tana sauka daga maki 5.2 zuwa kusan 2.3, ko da yake wannan lamba ta biyu tana da ɗan kyautata zato, kamar yadda bayani zai zo.

Abu na biyu ba a cika lura da shi ba, alhali a ganina yana da nauyi daidai da na farko. Ba rabon jarrabawa kaɗai ke da sa'a a cikinsa ba, rabon horo ma haka. Modal da aka horar a kan waɗannan gonaki 240 ba zai zama daidai da wanda aka horar a kan wasu 240 ba, musamman idan irin modal ne mai saurin sauyawa da ƙaramin canji, kamar `DecisionTreeClassifier`. Rabo ɗaya yana auna modal guda da aka gina daga zaɓi guda. Karɓa-karɓa yana auna hanyar ginin ce sau biyar, saboda haka matsakaicinsa yana ba da labarin abin da hanyar ta saba haifarwa daga bayanai masu wannan yawa.

Na uku kuma shi ne yana sassauta wata tsaka mai wuya da rabo ɗaya ba ya iya fita daga cikinta. Idan ɗalibar ta ce za ta rage rawa ta hanyar ware gonaki 150 domin jarrabawa, rawar za ta sauka zuwa kusan maki 3.3, amma modal ɗin zai koya daga gonaki 150 kawai, kuma mai yiwuwa ya fi rauni a kan wanda za ta gina a ƙarshe daga duk 300, ta yadda lambar za ta karkata ƙasa. Idan ta ware 30 domin horo ya wadata, jarrabawar ta zama kusan caca. A karɓa-karɓa horo yana samun 240 ko fiye, jarrabawa kuma tana samun 300.

Me zai hana in maimaita rabo ɗaya sau biyar da lambobin gauraya dabam-dabam?

Ya fi yin sau ɗaya nesa ba kusa ba, kuma hanya ce da aka sani, `ShuffleSplit` ma domin ita aka yi shi. Sai dai a kowane karo gona tana da damar 80 cikin 100 ta kuɓuce wa jarrabawa, kuma idan aka ninka 0.8 da kansa sau biyar ana samun kusan 0.33. Wato bayan horo biyar, wahala daidai da ta karɓa-karɓa, kusan sulusin gonakin ba a taɓa jarraba su ba, wasu kuma an jarraba su sau biyu ko uku. Sai an maimaita da yawa kafin wannan giɓi ya rufe.

Nawa ya kamata `k` ya zama?

Biyar ko goma sun ishi yawancin ayyuka. Tunanin kansa ya girmi kwamfutocin da muke amfani da su, domin Mervyn Stone ya tsara shi a rubuce a 1974, kuma binciken da Ron Kohavi ya gabatar a 1995 ne ya taimaka wajen yaɗa al'adar rukuni goma masu daidaitaccen rabo. Da `k` 10, kowane modal yana koyo daga gonaki 270, ya fi kusa da na ƙarshe, amma aikin horo ya ninka na rabo ɗaya sau goma, kuma kowane rukuni gonaki 30 ne, saboda haka lambobin zagaye ɗaya-ɗaya za su fi warwatsuwa ko da matsakaicin yana nan lafiya. A can ƙarshe akwai `LeaveOneOut`, inda za a yi horo 300, kowane karo a ajiye gona ɗaya. Ban cika ba da shawararsa ba a irin wannan aiki, domin tsadarsa ta fi ribar da yake ƙarawa. Idan kwamfuta da wutar lantarki sun ba da dama, na fi son a maimaita rukuni biyar sau da yawa da gauraya dabam-dabam ta hanyar `RepeatedStratifiedKFold`. A sani dai cewa maimaitawar tana kawar da sa'ar yadda aka yanka rukunan ne kawai, gonakin suna nan 300 ba su ƙaru ba.

Me ya sa aka yi amfani da `StratifiedKFold` a madadin `KFold`?

Domin kowane rukuni ya sami gonaki 18 da suka kamu da 42 da suka tsira, daidai da rabon da ke cikin bayanan baki ɗaya. Idan aka bar wa gauraya kawai, rukuni ɗaya zai iya samun 13, wani 23, kuma wannan bambanci shi kaɗai yana ƙara rawa marar amfani. Akwai kuma wani tarko da na ga ya kama mutane da dama: `KFold` ba ya gauraya bayanai sai an rubuta `shuffle=True`. Idan ɗalibar ta shigar da bayananta bisa tsarin tafiyarta, Bokkos duka sannan Mangu sannan Barkin Ladi, ko kuma ta jera waɗanda suka kamu a sama, to rukunan za su bi wannan jeri, kuma za ta ga lambobi masu ban mamaki, zagaye ɗaya ya ba da 95, wani 40.

Zan iya raba warwatsuwar da tushen biyar in ce ga iyakar kuskurena?

Mutane da yawa suna yin haka, amma lissafin yana ƙaddara cewa zagayen biyar ba su da alaƙa da juna, kuma suna da ita. Kowane zagaye biyu suna tarayya a gonaki 180 cikin 240 da suka yi horo a kansu, kashi uku cikin huɗu ke nan, saboda haka modal ɗin biyar 'yan gida ɗaya ne, abin da ya ruɗi ɗaya yana iya ruɗar sauran. Yoshua Bengio da Yves Grandvalet sun nuna a 2004 cewa babu wata hanya ta gama-gari da ke auna rawar sakamakon karɓa-karɓa ba tare da karkata ba. A aikace, iyakar da aka lissafa ta wannan hanya takan fito da ƙunci fiye da gaskiya. Abin da nake gaya wa ɗalibai shi ne su rubuta matsakaici, su rubuta lambobin zagayen duka, su faɗi yawan gonaki, kuma kada su yi iƙirarin cewa modal mai 81 ya fi mai 80 a kan bayanai 300. Idan ana kwatanta modal biyu, a jarraba su a kan rukunai iri ɗaya, a dubi bambancinsu zagaye da zagaye. Wanda ya yi gaba a duk biyar yana da hujja mafi ƙarfi a kan wanda ya ci uku ya faɗi biyu.

Akwai lokacin da karɓa-karɓa ke ba da lambar ƙarya?

Akwai, kuma ƙaryarsa ta fi haɗari, domin lambobi biyar da suka yi kusa da juna suna sa mutum ya saki jiki. Babban dalili shi ne satar amsa, wato wani abu daga rukunin jarrabawa ya zurara zuwa horo. Idan aka daidaita ma'aunin bayanai, ko aka cike guraben da babu komai, ko aka zaɓi bayanan da suka fi alaƙa da cutar, a kan duk gonaki 300 kafin a raba su, to modal ya leƙa takardar jarrabawa. Zaɓen bayanai shi ne mafi muni, musamman idan ginshiƙan bayanan sun fi layukan yawa, domin a nan ko lambobin banza ne aka zuba, za a sami waɗanda suka yi daidai da amsa bisa sa'a. Wannan ne dalilin `make_pipeline` a misalin da ke sama: yana sa a sake koyon kowane mataki daga rabon horo kaɗai a kowane zagaye.

Wata hanyar satar ta fi wannan ɓoyuwa. A ce ɗalibar ta koma amfani da hotunan ganye, ta ɗauki goma a kowace gona da wayarta, ta sami hotuna 3,000. Idan aka gauraya hotunan, takwas daga gona ɗaya za su shiga horo, biyu su shiga jarrabawa, kuma modal zai iya gane gonar daga launin ƙasarta da hasken ranar da aka ɗauka, ba daga tabon ganye ba. Sakamako zai yi kyau a dukkan zagaye biyar, sannan ya rushe ranar da aka kai shi gonar da bai taɓa gani ba. Maganin shi ne `GroupKFold`, wanda ke tabbatar da cewa duk hotunan gona ɗaya suna gefe guda. Alamar da ke tona asirin matsalar ita ce faɗuwar lamba sosai da zarar an koma wannan rabo, kuma lambar da ta faɗi ita ce ta gaskiya. Haka nan idan bayanan na damina da yawa ne kuma ana son hango ta baɗi, bai dace a horar da bayanan 2023 a jarraba a kan na 2021 ba. A nan `TimeSeriesSplit` ne ya dace, domin kullum yana horo da abin da ya gabata ya jarraba da abin da ya biyo baya.

Akwai kuma iyakar da babu wani salon rabo da ke tsallake ta. Gonakin da ke bakin titi, waɗanda mota ke iya kaiwa, idan su kaɗai aka ziyarta, to lambar tasu ce, ba ta gonakin da ke can cikin duwatsu ba.

Na gwada saitin modal 20 da `GridSearchCV`, mai auna kowane saiti ta karɓa-karɓa, na ɗauki mafi kyau. Lambarsa ce zan rubuta?

A'a, domin ta karkata sama. Wanda ya yi fice a cikin 20 ya yi ne da ƙarfinsa haɗe da sa'arsa a kan waɗannan rukunai, kuma zaɓen da aka yi ya riga ya ci amfanin jarrabawar. Hanya mai tsabta ita ce gwaji cikin gwaji: a sa `GridSearchCV` ɗin kansa a cikin `cross_val_score`, ta yadda zagayen ciki ke zaɓar saiti daga gonaki 240, na waje kuma yana auna abin da aka zaɓa a kan 60 da ba su shiga zaɓen ba. Da saiti 20 da rukuni biyar ciki da waje, horo 500 ne da 'yan kai, abin da ba ya ɗaukar lokaci mai tsawo a kan layuka 300.

Yaushe rabo ɗaya ya wadatar?

Idan bayanai suna da yawa ƙwarai. Da misalai 20,000 a rabon jarrabawa, lissafin nan na farko yana ba da rawar da ba ta kai maki 0.3 ba, kuma idan horo ɗaya yana cin kwanaki, ninka shi sau biyar ba zai saya wa mutum wani abin kirki ba. Shi ya sa manyan ayyukan gane hotuna suke dogara da rabo tsayayye guda. Yawancin bayanan da ake tattarawa da ƙafa da takardar tambaya a wurarenmu ɗaruruwa ne, kuma a wannan girma ne karɓa-karɓa yake da amfani mafi yawa.

A cikin modal biyar ɗin, wanne zan ajiye domin aiki?

Babu ko ɗaya, kuma musamman ba wanda ya ci 85 ba, domin rukuninsa ne ya zo da sauƙi. An gina su ne domin awo, aikinsu ya ƙare da fitowar lambobin. Ɗalibar za ta kira `m.fit(X, y)` a kan duk gonaki 300, ta sami modal na ƙarshe, sannan ta rubuta cewa an kimanta dacewarsa da kusan kashi 80 ta gwajin karɓa-karɓa mai rukuni biyar, inda zagayen suka kama daga 73 zuwa 85, a kan gonakin ƙananan hukumomi uku a damina ɗaya, tare da ambaton cewa cewar kowace gona za ta tsira tana ba da 70. Idan damina ta gaba ta zo ta sake tattara bayanan wasu gonaki, sai ta jarraba modal ɗin a kansu kafin ta haɗa su da na farko.